Karanta Sakamakon Rigireshon na Amfanin Gona: Abin da Lambar Ƙwadago da ta Taki ke Faɗi

*"Malam, ina shekarar ƙarshe a sashen tattalin arzikin noma. Na tattara bayanan manoman masara 180 na kakar noma ɗaya, na yi rigireshon irin na Cobb-Douglas, ga abin da ya fito:*

```
             Estimate  Std. Error  t value
(Intercept)     6.24      0.52      12.00
log(fili)       0.58      0.14       4.14
log(taki)       0.21      0.05       4.20
log(kwadago)   -0.04      0.09      -0.44
log(iri)        0.17      0.12       1.42
Multiple R-squared: 0.81
```

*Matsakaicin manomi yana da hekta 2, takin zamani kilo 200, kwanakin aiki 120, iri kilo 40, girbi kilo 3,600. Na rubuta cewa ƙwadago ya yi yawa har yana rage amfani, kuma ya kamata manoma su ƙara taki. Mai duba aikina ya ja jan layi ƙarƙashin duka biyun. Ina matsalar take?"*

Mai duba aikinka yana da gaskiya a wurare biyun, sai dai laifin jimlolin ba iri ɗaya ba ne. Maganar ƙwadago ka goge ta gaba ɗaya, domin teburin bai faɗe ta ba. Maganar taki kuwa tana iya zama gaskiya, amma akwai lissafi biyu da ka tsallake kafin ka kai gare ta. Lambobinka masu kyau ne, kuma sun fi na ɗalibai da yawa da nake gani kama da gaskiyar gona. Gyaran duk yana wajen karanta su.

Mu fara da abin da lamba ɗaya ke nufi. Abin da ka ƙiyasta shi ne:

```
Y = A * fili^b1 * taki^b2 * kwadago^b3 * iri^b4
```

Da ka ɗauki `log` na ɓangarorin biyu sai ninkawa ta koma tarawa, shi ya sa rigireshon na layi miƙaƙƙe ya iya aiki a kansa. Charles Cobb da Paul Douglas ne suka fito da wannan siffa a 1928, a kan masana'antun Amurka na 1899 zuwa 1922, inda ƙwadago ya samu 0.75, jari ya samu 0.25. Masana tattalin arzikin noma sun rungume ta saboda sauƙin fassararta: kowace lamba ilastisiti ce kai tsaye. Wato 0.21 na taki na cewa idan aka kwatanta gonaki biyu masu faɗi ɗaya, kwanakin aiki ɗaya, iri ɗaya a yawa, wadda ta fi ɗaya taki da kashi 1 cikin ɗari tana fin ta girbi da kimanin kashi 0.21 cikin ɗari. Ka lura da abu biyu a wannan jimla. Na farko, sharaɗin cewa sauran kayan suna nan daram, wanda shi ne ya bambanta rigireshon mai sabubba da yawa da mai sababi ɗaya. Na biyu, na ce "idan aka kwatanta gonaki biyu", ban ce "idan manomi ya ƙara taki" ba. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai rata, kuma yawancin amsar nan a kan ratar take.

R² na 0.81 kada ya ruɗe ka. A bayanan gonaki masu girma daban-daban, babbar gona tana cin taki da yawa, iri da yawa, aiki da yawa, kuma tana ba da girbi da yawa. Ka gwada rigireshon da fili kaɗai, za ka ga ya ɗauke mafi yawan wannan 0.81 shi ɗaya. Abin da lambar ke shaida maka shi ne manyan gonaki sun fi ƙanana girbi, abin da kowa ya sani tun kafin a kunna kwamfuta. Ba ta cewa komai game da ingancin kowace lamba a teburin.

Me ya sa ƙwadago ya zo da alamar ragi

Dubi layin gaba ɗayansa, kada ka tsaya a −0.04. Kuskuren ƙiyasinsa 0.09 ne, ya ninka lambar kanta fiye da sau biyu. Ka ɗauki kuskuren sau biyu, ka ƙara ka kuma rage, sai ka samu tazara daga −0.22 zuwa 0.14. Ma'ana bayananka za su yarda da cewa ƙwadago na rage amfani, za su yarda da cewa ba ya yin komai, za su kuma yarda da ilastisiti na 0.14. Wannan ta ƙarshen ba ƙaramar lamba ba ce: 0.14 sau 3,600 a raba da 120 ya ba da kilo 4.2 na masara a kowace ƙarin ranar aiki. To ta yaya za ka zaɓi ɓangaren ragi kaɗai ka gina hukunci a kai? Abin da ya halatta ka rubuta shi ne bayanan ba su iya tantance tasirin ƙwadago ba.

Akwai kuma wata fassara da ɗalibai ke so ƙwarai, kusan duk shekara sai na gamu da ita a kundi: wai manoman sun shiga mataki na uku na samarwa, inda ƙarin aiki ke rage amfani. Siffar Cobb-Douglas ba ta da mataki na uku. Idan lambar tana da alamar ƙari, ƙarin aiki yana ƙara amfani har abada, sai dai ƙarin yana ta raguwa muddin lambar ba ta kai 1 ba. Idan tana da alamar ragi, to tun daga ranar aiki ta farko yana rage amfani, wato manomin da ya yi kwana 10 a gona zai fi wanda ya yi 120 girbi. Babu mai hankalin da zai sa hannu a kan wannan. Mai son gano inda amfani ke kai ƙololuwa ya juyo, sai ya ɗauki siffar da ke da murabba'in abin, kamar ta kwadiratik ko tiranslog.

To me ke sa ƙwadago ya riƙa fitowa haka? A cikin duk kayan noma shi ne mafi wuyar aunawa. Ka zauna gaban manomi watanni bayan girbi, ka tambaye shi kwana nawa aka yi ana cire ciyawa. Zai ɗaga kai ya yi tunani, ya ba ka lamba mai zagaye, goma ko ashirin. Ranar da aka yi awa uku da ranar da aka yi awa tara duk "rana" ce. Aikin yaro, na babba, na ɗan ƙwadagon da aka biya a kan kammala fili, duk an zuba su a kwando ɗaya. Idan abin da ke ɓangaren dama na rigireshon yana ɗauke da kuskuren awo irin wannan, lambarsa tana janyewa zuwa sifili, kuma wani ɓangare na tasirinsa yana komawa kan abin da aka auna da kyau wanda ke tafiya tare da shi. A nan fili ne ke cin gadon.

Dalili na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Wani aikin ana yin sa ne saboda gona ta shiga matsala. Gonar da ciyawa ta mamaye ana nome ta sau uku maimakon biyu. Wadda tsiro ya ƙi fita sai an sake shuka. Wadda ƙwari suka faɗa wa sai an yi ta feshi. Duk waɗannan gonaki suna da kwanakin aiki masu yawa da girbi kaɗan, rigireshon kuwa bai ga ciyawar ba, bai ga ƙwarin ba, aiki kawai ya gani da ƙarancin amfani, sai ya haɗa su. A ɗaya gefen kuma akwai aikin girbi da sussuka, wanda yawan amfanin ne ke jawo shi, domin sai gona ta yi kyau ake daɗewa ana kwasa. Wannan yana tura lambar sama. Idan ka tara duka cikin jimla ɗaya, ja biyu masu saɓani suna haɗuwa, abin da ya fito ba shi da fassara. Koma ga takardun tambayarka. Idan ka rubuta aiki kashi-kashi, cire na girbi da sussuka, ka bar na kafin girbi, ka mayar da shi awanni in akwai hali, sannan ka sake gudu. Idan ka tambayi manoma ko sun sake shuka ko ƙwari sun taɓa su, saka wannan a matsayin lambar i ko a'a, wato 1 da 0. Sau da yawa da wannan kaɗai alamar ke gyaruwa.

Abin da ba zan so ka yi ba shi ne cire ƙwadago daga lissafin don ya ƙi ba ka tauraro, alamar da manhaja ke sa wa lambar da ta kai ma'aunin muhimmanci. Masara ba ta noma kanta. Cire shi yana tura tasirinsa kan sauran lambobin ne kawai.

Fili da iri

Iri ma bai kai ma'aunin muhimmanci ba, `t value` ɗinsa 1.42 ne, amma ciwonsa daban. Kilo 40 a hekta 2 kilo 20 ke nan a hekta, kuma ina kyautata zaton idan ka raba iri da fili ga kowane manomi za ka tarar yawancinsu suna kewaye da wannan adadi. Manomi yana auna iri ne da faɗin gonarsa. Rigireshon kuwa yana neman gonaki masu faɗi ɗaya da yawan iri daban don ya ware tasirin iri, kuma irin waɗannan ba su da yawa a bayananka. Kamar mutum biyu ne da kullum tare suke ɗaga buhu: ka san nauyin da suke ɗagawa su biyun, amma ba ka taɓa ganin ɗaya shi kaɗai ba balle ka san ƙarfinsa. Jimlar fili da iri, 0.75, tana da tabbaci fiye da yadda aka raba ta 0.58 da 0.17.

Ana gane wannan da `vif()` na kunshin `car` a R, ko `estat vif` a Stata. Lissafinsa mai sauƙi ne: a yi rigireshon na iri a kan sauran kayan ukun, a ɗauki R² ɗin da ya fito, a cire shi daga 1, sannan a raba 1 da abin da ya rage. Idan R² ɗin 0.90 ne, VIF ya zama 10, kuma kuskuren ƙiyasi ya kumbura da tushen murabba'in 10, kusan ninki uku da ɗoriya. Wannan matsala ba ta karkatar da lambar zuwa wani gefe. Sa ta rawa kawai take yi, ta yadda cire manoma biyar ko shida zai iya motsa ta sosai.

Wani zai ce maka ka raba komai da hekta, matsalar za ta tafi. Yi hakan, yana da amfani, amma ka san abin da zai ba ka:

```
m2 <- lm(log(amfani/fili) ~ log(fili) + log(taki/fili) +
         log(kwadago/fili) + log(iri/fili), data = gona)
```

Muddin ka bar `log(fili)` a ɓangaren dama, wannan lissafin farko ne aka sake wa tsari. Taki zai fito 0.21 da kuskure 0.05, iri 0.17 da kuskure 0.12, ko ɗigo ba zai canja ba. VIF zai sauka, R² ma yawanci yana faɗuwa warwas, amma ba a ƙara maka wani sani a kan iri ba, domin bambancin iri a hekta tsakanin manoma ƙanƙane ne tun asali. Ribar tana layin fili. Lambarsa yanzu za ta zama jimlar ilastisiti huɗun a cire 1. Ka tara: 0.58 da 0.21 da 0.17, a debe 0.04, ya ba da 0.92, don haka za ka ga −0.08. `t value` na wannan layin shi ne gwajin ko ninka dukkan kayan noma yana ninka girbi daidai wa daida. Kada ka rubuta cewa amfani yana raguwa da girman gona don kawai 0.92 bai kai 1 ba. Jira ka ga kuskuren ƙiyasin. Idan ya kai 0.05 ko ya wuce, ba ka da hujjar ƙin cewa jimlar 1 ce.

Daga 0.21 zuwa shawarar ƙara taki

Ilastisiti mai alamar ƙari da taurari uku ba ya nufin a ƙara. Taki kuɗi ake sa wa, tambayar mai tattalin arziki ita ce ko kilo na gaba zai biya kuɗinsa. Don haka sai an mayar da kashi cikin ɗari zuwa kilo:

```
MP = b2 * (Y / X) = 0.21 * (3600 / 200) = 3.78
```

Wato a wajen matsakaicin manomi, ƙarin kilo ɗaya na taki yana tafiya da ƙarin masara kilo 3.78. (Tunda da `log` ka yi aiki, matsakaicin da ya fi dacewa shi ne na jometiri: ka ɗauki matsakaicin `log` ɗin sannan ka mayar da `exp`. Na ɗauka naka haka suke.) Yanzu sai farashi. Ba ka ba ni shi ba, don haka mu ƙaddara, don misali kawai, cewa kilo ɗaya na taki ya iso gona a kan kuɗin masara kilo 2.5. Ka lura na ce ya iso gona: da kuɗin dako, da na zubawa, da ruwan bashi in da bashi aka saya, kuma farashin masarar ya zama wanda manomi ke karɓa lokacin da yake sayarwa. A raba 3.78 da 2.5, an samu kusan 1.5. Tunda ya haura 1, lissafin yana cewa akwai sauran riba a ƙarin taki.

Har zuwa ina? Nan ma ana yawan zamewa. Ilastisiti na ƙananan canje-canje ne. Idan manomi ya ninka taki daga 200 zuwa 400, ƙarin girbi ba kashi 21 ba ne, sai ka ɗaga 2 zuwa ƙarfin 0.21, wanda ya ba da kusan 1.157, wato kashi 16 cikin ɗari. Girbi ya koma wajen kilo 4,165, ƙarin amfanin kilo na ƙarshe kuma ya sauko zuwa 2.19, ƙasa da kuɗinsa. A bisa wannan farashi na misali, inda riba ke tsayawa yana wajen kilo 340. Ko wannan ma sai ka duba ko akwai manoma a bayananka da ke zuba taki mai yawa haka a hekta biyu. Idan babu, lanƙwasar lissafin ce ke magana a wurin, babu gonar da ta shaida.

Lissafi na farko da ka tsallake ke nan. Kafin na biyu, ka yi wa taki abin da muka yi wa ƙwadago. Kuskurensa 0.05 ne, tazararsa daga 0.11 zuwa 0.31. A kilo, daga 1.98 zuwa 5.58 ke nan. Ka ga 2.5 yana cikin tazarar. Taurarin da manhaja ta ba ka suna gwada ko lambar ta bambanta da sifili ne, alhali abin da shawararka ke buƙata shi ne ta wuce 0.14, wato 2.5 a raba da 18 ɗin da ake samu in an raba 3,600 da 200. Wannan gwajin ya fi tsauri: 0.21 a cire 0.14, a raba da 0.05, ya ba da 1.4 kacal.

Na biyun shi ne wanda ya fi damuna a duk aikin irin wannan. Wane ne ya raba wa manoma 180 ɗin nan yawan takin da kowa ya zuba? Su suka zaɓa, kuma sun zaɓa ne suna ganin abubuwan da kai ba ka rubuta ba. Manomi ya san wace gonarsa ce ke riƙe ruwa. Ya san ko ya yi shuka a kan kari. Taki na biyu, wanda ake zubawa bayan masara ta tasa, yakan tsaya ya dubi shukar tukuna: in ta yi kore shar kuma ruwa na sauka sai ya saki hannu, in ta ƙanjame sai ya rage ko ya fasa. Wanda ya fi iya noma kuma sau da yawa shi ne mai kuɗin sayen taki, shi ne mai samun ingantaccen iri. Duk waɗannan suna zaune a cikin ragowar lissafinka, wato ɓangaren girbin da kayan huɗun ba su bayyana ba, kuma suna tafiya tare da taki. Sharaɗin da ke sa rigireshon ya ba da tasiri na gaskiya shi ne kada ragowar ta kasance da alaƙa da abubuwan da ke dama. A nan sharaɗin ya karye.

Girman karkatar yana da lissafi: tasirin abin da aka bari a kan girbi, sau yadda yake tafiya da taki bayan an cire rabon sauran kayan. Mu ƙaddara akwai ma'aunin ƙwarewar manomi wanda kowane matakinsa ke ƙara 0.20 a `log` na girbi, kuma yana hawa da 0.4 duk lokacin da `log` na taki ya hau da 1. Karkatar ta zama 0.20 sau 0.4, wato 0.08. Ainihin lambar taki ta koma 0.13, ƙarin amfaninsa kilo 2.34, ƙasa da 2.5. Shawarar ta juye ke nan, kuma babu abin da zai nuna maka haka a teburin: R² yana nan, taurari suna nan. Wannan ne ya sa nake ɗaukar matsalar da muhimmanci, domin manomin da ya ci bashi ya ƙara taki a kan maganarmu shi zai biya bambancin.

Tsohuwar matsala ce a fannin. Jacob Marschak da William Andrews sun bayyana ta tun 1944. A 1961 Yair Mundlak ya nuna hanyar magance wani ɓangarenta da bayanan gonaki a Isra'ila da aka bi shekaru da dama: a ba kowace gona lambarta ta daban, ta yadda duk abin da ba ya canjawa a gonar, kamar hannun mai ita da yanayin ƙasarta, zai fita daga lissafi, a koma kwatanta gona da kanta daga shekara zuwa shekara. Kai kaka ɗaya gare ka, wannan ƙofar a rufe take, sai fa idan manoman naka suna da filaye fiye da ɗaya kuma ka rubuta kowanne daban. In haka ne, za ka iya kwatanta filayen mutum ɗaya da juna, ƙwarewarsa ta fita, ko da yake bambancin ƙasa tsakanin filayen yana nan.

Kada kuma ka ɗauka karkatar sama kaɗai take yi. Inda manoma ke zuba taki da yawa a gonar da ta gaji don su farfaɗo da ita, lambar ƙasa za ta yi. Kuskuren awo ma ƙasa yake ja, musamman idan ka tara yuriya da NPK kilo da kilo. Yuriya tana da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, NPK 15-15-15 yana da kashi 15, don haka buhu ɗaya na wannan ba ya daidai da buhu ɗaya na wancan. Mayar da su kilo na naitirojin kafin ka tara. Ba kowane abin da aka bari ne ke kawo karkata ba: ƙanƙara ko ambaliyar da ta zo bayan an gama zuba taki tana ƙara hayaniya ne kawai. Mai haɗari shi ne abin da manomi ya sani kafin ya yanke shawara.

Abin da za ka iya yi da bayanan da ke hannunka

Shigar da duk abin da ka tambaya wanda ke wakiltar abin da manomi ya sani: nau'in ƙasa ko yadda shi ya kimanta ta, ingantaccen iri ko na ajiya, ranar shuka, takin gargajiya, shekarun da ya yi yana noma, da lambar 1 da 0 ga kowane yanki don ta ɗauke bambancin ruwan sama da kasuwa. Ka shigar da su rukuni-rukuni, ka jera sakamakon a ginshiƙai kusa da juna, idonka a kan layin taki. Idan ya tashi daga 0.21 ya sauka 0.19 ya tsaya, hankali ya ɗan kwanta. Idan ya gangaro 0.12 da zarar ka saka ƙasa da ranar shuka, ka ga karkatar da idonka, kuma ka san akwai yiwuwar saura. Wannan teburin mai ginshiƙai shi ne zuciyar babi na huɗu na kundinka, ya fi duk wani R² daraja a wurin masu jarraba ka.

Duba kuma adadin manoman da manhajar ta yi aiki da su. Wanda bai zuba taki ba yana da sifili, sifili kuwa ba shi da `log`. R zai tsaya ya yi ƙorafi, amma Stata zai mayar da shi gurbi ya zubar da manomin, sai dai ka gani a `Number of obs`. Ƙara 1 a kan kowace lamba, dabarar da aka saba, tana sa sakamako ya dogara da ma'aunin da ka zaɓa: 1 a kan kilo ba 1 a kan buhu ba ne. Hanyar da George Battese ya bayar a 1997 ta fi tsabta: a ƙirƙiri lambar 1 ga wanda bai zuba ba da 0 ga wanda ya zuba, a maye sifilin da 1 don `log` ɗinsa ya zama 0, a saka duka biyun a lissafi. Sannan ka zana ragowar a kan ƙiyasin girbi. In ta baje kamar mazurari, yi amfani da kuskuren ƙiyasi mai jure bambancin yaɗuwa, `vce(robust)` a Stata. Wannan yana gyara kuskuren ƙiyasi ne kaɗai, ba ya taɓa karkatar da muka yi magana a kai.

Ko bayan duk wannan, bayanan tambaya na kaka ɗaya ba za su kai ƙarfin gwajin gona ba, inda mai bincike ne ke raba adadin taki ga filaye ta hanyar ƙuri'a. Idan akwai sakamakon irin wannan gwaji na masara a ƙasa mai kama da ta manomanka, kwatanta kilo 3.78 ɗinka da shi bayan ka mayar da duka biyun ma'aunin naitirojin. Gonar manomi ba kasafai take kai tashar bincike amsa taki ba, don haka in naka ya fi nasu, ka zargi lambarka.

Jimlolin biyu kuwa ga yadda zan so su koma. Ta ƙwadago: ƙiyasin bai bambanta da sifili ba, tazararsa ta kama daga −0.22 zuwa 0.14, kuma yadda aka auna kwanakin aiki bai ba da damar yanke hukunci ba. Ta taki: tsakanin gonaki masu faɗi, aiki da iri daidai, ƙarin taki na kashi 10 cikin ɗari yana tafiya da ƙarin girbi na kimanin kashi 2, a wajen matsakaici wannan kilo 3.78 ne na masara a kilon taki, tsakanin 1.98 da 5.58, sai ka kawo ainihin farashin da ka tattara, ka faɗi ko ya faɗa cikin tazarar ko yana ƙasa da ita, ka kuma ambaci sunayen abubuwan da ba ka auna ba da gefen da kake zaton sun tura lambar. Idan kuɗin kilon taki bai kai na masara kilo 1.98 ba, kuma lambar ta tsaya da ƙafarta bayan ka saka ƙasa da ranar shuka, to ka rubuta shawarar ƙara taki, ka faɗi har zuwa kilo nawa.